Hanyar Hajji ta Da: Daga Zamfara Zuwa Bakin Bahar Maliya

A yau idan maniyyaci ya tashi daga Kasuwar Daji ko Shinkafi ko Zurmi, mota zai shiga zuwa filin jirgin sama, kuma cikin kamar awa biyar sai ga shi a Jidda ko Madina. Bai ga kowa a hanya ba, kowa bai gan shi ba. A zamanin kakanninmu kuwa, wanda ya yi niyyar hajji sai ya raba gadonsa, ya biya bashin da ake bin sa, ya nemi gafarar dangi da maƙwabta, don ba a san ko za a sāke ganawa ba. Wani ya yi shekara uku, wani bakwai, wani ma bai komo ba sam. Abin da nake so in nuna wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu a wannan maƙala shi ne, wannan jinkiri da wahala su ne suka ƙulla zumunci tsakanin Musulmin ƙasashe masu nisa. Mai tafiya a hankali dole ya yi zango, dole ya ci abincin mutane, ya koyi harshensu, ya yi karatu wurin malamansu, wani lokaci har ya auri 'yarsu. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma hanyar hajji ta gaskata wannan magana.

Tsohuwar hanya ta Misira

Hanyoyi biyu ne manya daga ƙasar Hausa zuwa Makka. Wadda ta fi tsufa ita ce ta arewa. Alhazai sukan bi ayarin fatake daga Katsina ko Kano zuwa Agadas, daga nan su ratsa Sahara ta Gat da Murzuk a ƙasar Fezzan, su karkata gabas ta Aujila da Siwa har su iso Alƙahira. Ba a bin wannan hanya sai cikin ayari, domin rijiyoyi suna da nisa da juna, kuma wanda bai da madugu da ya san su ƙishirwa za ta kashe shi. Saboda haka galibi sarakuna da attajirai da malamai ne suke iya bin ta, su da ke da halin raƙuma da salkunan ruwa.

Idan an isa Alƙahira sai a jira. Ayarin alhazan Misira yakan tashi ne a ƙarshen watan Shawwal, ɗauke da rigar Ka'aba, ya bi ta Aƙaba ya gangara Hijaz, tafiyar kwana talatin da biyar zuwa arba'in. Wanda ya iso bayan ayari ya tashi, ko dai ya nemi jirgin ruwa, ko ya zauna sai baɗi. Jirgin ruwan ma ba abin wasa ba ne. Bahar Maliya cike take da duwatsun murjani a ƙarƙashin ruwa, har ya zama matuƙa da yawa ba su tafiya da dare, sai su sami wani lungu su kwana. Ga shi kuma a arewacin tekun iska daga arewa take busowa kusan duk shekara, watau zuwa Jidda da sauƙi, komowa da wuya. Tarihin sarakunan Barno ya ce Mai Dunama na farko, wanda ya yi sarauta a ƙarni na 12, ya yi hajji sau biyu, a na uku ya rasu a cikin wannan teku.

Wannan zaman jira na Alƙahira shi ya haifar da alheri mai yawa. Tun a wajen shekarar 1242 mutanen Kanem suka kafa makaranta a can, wadda ake kira Madrasar Ibn Rashiƙ, inda ɗalibansu da alhazansu suke sauka. Askiya Muhammadu, Sarkin Songai, ya tashi hajji a 1496, ya sadu da babban malamin nan Jalaluddin Suyuɗi a Alƙahira. Shi Suyuɗi har wasiƙar nasiha ya rubuto wa Sarkin Katsina Ibrahim da Sarkin Agadas, alhali bai taɓa taka ƙasarsu ba. Bakin alhazai ne ya kai masa labarinsu, hannun alhazai kuma ya kawo wasiƙar. Haka kuma Muhammadu Alkashinawi, wani Bakatsine masanin lissafi, ya yi hajji ya zauna Alƙahira, ya rasu a can wajen shekarar 1741 a gidan Hasan Aljabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Misira.

Yadda littafi ya zo Zamfara

Bari in kawo misali guda wanda ya shafe mu kai tsaye. A da, malami ba ya karantar da babban littafin hadisi sai yana da ijaza, watau izni daga malamin da ya karantar da shi, shi ma daga nasa malamin, har a kai ga mawallafi. Wannan jerin sunaye shi ake kira isnadi. Idan mutum ya karanta isnadi, sai ya ga hanyar da littafin ya bi kamar yadda ake bin sawun raƙumi a rairayi.

Imamu Buhari, mai littafin Sahihul Buhari, mutumin Buhara ne, a ƙasar da yanzu ake kira Uzbekistan, ya rasu a shekarar 870. Bayan shekaru wajen ɗari tara, akwai wani malami a Madina mai suna Abul Hasan Assindi, wanda asalinsa daga Sindi ne, a ƙasar Pakistan ta yanzu. Wani kawun Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Alhaji Muhammadu ɗan Raji, ya je hajji, ya zauna gaban wannan malami, ya karɓi ijazar Buhari. Da ya komo, Shehu da ƙanensa Abdullahi suka karanta littafin a wurinsa a wajen shekarar 1786, zamanin da Shehu ya shigo ƙasar Zamfara wa'azi. To, a duba: mawallafi daga Buhara, malami daga Sindi, makaranta a Madina, ɗalibai a ƙasar Hausa. Babu sarki guda da ya mallaki waɗannan wurare duka, babu gidan waya, babu jarida. Ƙafar alhaji guda ce ta haɗa su.

Abin lura kuma shi ne, Shehu kansa bai sami zuwa hajji ba. Ya bi malaminsa, Malam Jibrilu ɗan Umaru, har Agadas, amma da Malam Jibrilu zai wuce Makka sai Shehu ya komo gida, domin mahaifinsa bai ba shi iznin tafiyar ba. Duk da haka ilmin Makka da Madina da Misira ya same shi har gida. Ashe amfanin hanyar bai tsaya ga wanda ya bi ta kaɗai ba.

Hanyar gabas, hanyar talaka

Hanya ta biyu ita ce ta gabas, wadda ta bi ta Barno da Wadai da Darfur da Kordofan har bakin teku. Ba ta buɗe sosai ba sai da daulolin Musulmi suka kafu a kanta, kamar Sinnar a 1504, da Wadai da Darfur a ƙarni na 17. Fifikonta a kan ta arewa guda ne, amma babba ne: ƙasar noma ce, ba hamada ba. Akwai ƙauyuka, akwai gero da dawa, akwai kasuwanni. Don haka talaka, wanda bai da raƙumi bai da zinariya, yana iya tashi da jakinsa da matarsa da 'ya'yansa, ya yi ta neman guzuri a hanya.

Mu yi ɗan lissafi. Daga Kano zuwa bakin Bahar Maliya ya fi mil 2,000. Idan mutum yana cin mil goma sha biyu kullum ba hutu, cikin wata shida zai isa. To me ya sa ake shekaru? Dalili na farko kuɗi ne, don guzurin da aka fito da shi yakan ƙare tun kafin a rabu da ƙasar Cadi. Na biyu damina ce. Ƙasar da ke kudu da gabas da tafkin Cadi firki ce, watau baƙar laka, idan ruwa ya sauka ko jaki ba ya iya ratsa ta, sai a zauna daga wajen Yuni har Oktoba. Mai hankali sai ya ari gona ya yi noma, ya sayar da amfanin ya ƙara gaba. Na uku kuwa, watan Zulhajji yana matsowa gaba da kwana goma sha ɗaya kowace shekara. Wanda ya makara ko da mako guda ne, aikin wannan shekara ya wuce shi, sai ya nemi sana'a ya jira wata.

Mu ɗauki misalin wani manomi da ya tashi daga Kasuwar Daji a kakar 1950, bayan ya sayar da gyaɗarsa da shanu biyu. Zai fara zuwa Kaura Namoda, inda layin dogo ya tsaya tun 1929, ya shiga jirgin ƙasa ta Gusau da Funtuwa zuwa Zariya, ya sāke wani zuwa Kano. Daga Kano sai babbar mota ta Potiskum zuwa Maiduguri, domin dogo bai isa Maiduguri ba sai 1964. A nan zai tabbatar da takardunsa sun cika, watau fasfo da shaidar an yi masa lambar agana da allurar shawara. Daga Maiduguri sai Dikwa da Gamboru, ya ratsa ɗan tsukin ƙasar Kamaru zuwa Kusuri, ya haye kogi ya shiga Fort Lamy, wadda aka sāke wa suna Njamena a 1973. A nan kuɗin Ingila sun daina aiki, sai ya canja su zuwa na Faransa, kuma kowane canji da ɗan abin da yake ci.

Daga Fort Lamy hanya ta miƙa gabas ta Ati zuwa Abeshe, babban birnin Wadai. A kowane babban gari zai tambayi zangon Hausawa, ya gai da sarkin zango, a ba shi masauki. Idan kuɗi sun ƙare, a nan zai yi ga-ruwa, ko wanki, ko aski, ko ɗinkin hula, matarsa ta soya ƙosai, in kuwa yana da ɗan karatu ya koyar da yara. Daga Abeshe sai Adire a kan iyaka, sai Jinaina, garin farko na Sudan, inda za a duba takardu da lafiya. Daga nan Fashir, babban birnin Darfur.

Tsakanin Fashir da Nuhud akwai wurin da ya fi ko'ina wuyar ruwa, ƙasa ce ta rairayi mai ƙarancin rijiyoyi. Mutanen wurin suna da wata dabara da ya kamata mu sani, mu da muke da kuka a bayan gida. Sukan rarake cikin babbar kuka, wadda suke kira tabaldi, su cika ta da ruwan sama da damina, da rani su riƙa ɗiba da guga suna sha suna sayar wa matafiya. Alhazai da yawa kukar nan da kankana ne suka raya su. Idan Allah ya kai mutum Ubayyid, to ya huta da tafiyar ƙasa, don akwai jirgin ƙasa daga nan ta Kosti da Sinnar da Wad Madani da Hartum har Port Sudan. Sai dai da wuya a wuce Wad Madani ba a tsaya ba, kamar yadda za mu gani nan gaba.

Hayen teku

Tsakanin gaɓar Sudan da Jidda bai kai mil 200 ba, amma nan ne gaba mai wuya. Tun bayan annobar kwalara da ta ɓarke a Makka a 1865 ta bi alhazai har ƙasashen Turai, gwamnatoci suka kafa wuraren killace alhazai a bakin teku. Na mutanenmu shi ne Sawakin, tsohon gari a kudu da Port Sudan. A can za a tsare mutum kwanaki, a yi masa allura, ya biya kuɗin jirgi na zuwa da komowa da kuɗin shiga Hijaz, sa'an nan a ba shi wuri a jirgin ruwa mai inji. Idan ya sauka Jidda sai wakilin muɗawwifi ya karɓe shi, watau mai jagorar alhazai wanda ya san harshensu. Daga Jidda zuwa Makka kimanin mil arba'in da biyar ne, masu kuɗi su shiga mota, talakawa su taka cikin dare biyu.

Wanda bai da takarda ko bai da kuɗin da aka yanka, sai ya bi ta bayan gida. Zai gangara ta Kasala zuwa Masawwa a ƙasar Eritiriya, ko wani lungu na gaɓar teku, ya biya masu sambuk, wani jirgin katako mai tafiya da iska, su hayar da shi da dare zuwa wajen Kunfuda ko Lis, kudu da Jidda. Nan ne aka fi asarar rayuka. Jirgi yakan kife don lodi ya yi yawa, ruwan sha yakan ƙare idan iska ta tsaya, wani lokaci kuma a sauke mutane a wurin da babu rijiya, a ce musu Makka tana nan kusa. Mafi muni, akwai miyagun da suke fakewa da hajji su yaudari yara da mata su sayar da su bayi a can, domin ba a haramta bauta a Saudiyya ba sai 1962. Alamar macuci ba ta ɓuya: shi ne mai cewa ba sai da takarda ba, mai neman a ba shi kuɗi duka tun kafin a ga jirgi, mai son a raba yaro da iyayensa da sunan zai kai shi karatu.

Akwai kuma waɗanda suka yi tafiyar kusan duka a ruwa. Da aka buɗe mashigin Suwes a 1869, jirage masu inji suka riƙa kawo alhazai daga Indiya da Jawa da Maroko, duka su haɗu a Jidda. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya bi irin wannan hanya a 1921, ya shiga jirgi a Ikko, ya biya ta Ingila, sa'an nan ya wuce Jidda. Amma wannan sai mai hali.

Waɗanda suka zauna a hanya

Babbar shaidar zumuncin da hanyar gabas ta ƙulla ita ce garuruwan da ta bari a bayanta. Da Turawa suka ci Sakkwato ran 15 ga Maris 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na farko ya ƙi zama ƙarƙashinsu, ya fita hijira zuwa gabas da niyyar Makka. Ya ratsa ta ƙasar Zamfara, kuma duk inda ya bi mutane suna barin gonakinsu suna bin sa. Turawa suka cim masa a Burmi, a ƙasar Gombe, ya yi shahada ran 27 ga Yuli 1903. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda ake kira Mai Wurno, ya ja sauran jama'a suka ci gaba, har suka zauna a bakin kogin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar a wajen 1906. Garin da suka kafa sunansa Mai Wurno, da sarautarsa ta zuriyar Attahiru. Wani daga cikin waɗanda suka tsira a Burmi, Alfa Hashimu, ɗan ɗan'uwan Alhaji Umaru Futi, ya wuce har Madina, ya zama malami kuma uban alhazan ƙasashenmu har ya rasu a 1931.

Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe manyan gonakin auduga na Jazira, sai ga aiki ya samu. Manomin nan namu na Kasuwar Daji zai iya tsayawa Wad Madani ya yi tsinkar auduga kaka guda ko biyu don ya tara kuɗin jirgi. Wani ya tara ya wuce. Wani kuwa kafin ya tara an yi masa haihuwa, ko bashi ya hau kansa, sai ya ce baɗi in Allah ya so, har baɗi ta zama shekara talatin. Jikokin irin waɗannan suna nan a Jazira da Gadarif da Kasala, 'yan Sudan ne amma Hausa suke yi a gida. Mutanen Sudan suna kiran su Fallata ko Takari, kalmar da ta samo asali daga Tukururu, sunan da Larabawa suka daɗe suna kiran ƙasashen yamma da shi. Har tsirenmu ya zama abincin Sudan, suna kiran sa agashe. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya taɓa Jinaina da Fashir da Wad Madani da Sinnar, watau zangunan hanyar hajji ɗaya bayan ɗaya, saboda haka idan muka ji labarinsa a rediyo mu san har da danginmu ake magana.

A Makka da Madina da Jidda ma haka abin yake. Duk wanda sunansa ya ƙare da Hausawi ko Barnawi ko Fallata, kakanninsa ta wannan hanya suka je. Shaihu Umar Fallata, wanda ya daɗe yana karantar da hadisi a Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har ya rasu a 1999, ɗan irin waɗannan matafiya ne. Masu son ƙwallo kuma za su tuna da Usama Hausawi, kyaftin ɗin Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018.

Tun daga shekarun 1950 jirgin sama ya fara karɓe alhazai, kafin ƙarshen shekarun 1970 kuwa hanyar ƙasa ta kusa mutuwa, yau kuma Hukumar Alhazai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 2006, ita ke shirya tafiyar. Mun gode Allah da wannan sauƙi, don ya ceci rayuka, ya kuma ba tsofaffi da mata damar sauke farali cikin 'yan makonni. Amma jirgin sama ba ya yin zango, saboda haka ba ya kafa gari. A ƙauyukanmu na Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi akwai gidajen da har yanzu ake cewa wane ya tafi gabas bai komo ba. Ina roƙon 'yan'uwana ɗalibai, idan mun je hutu kowa ya zauna da kakansa ya tambayi sunan wanda ya tafi, da shekarar da ya tashi, da garin da aka ji labarinsa na ƙarshe, ya rubuta a littafi. Wataƙila a Mai Wurno ko Gadarif akwai wani yaro sa'anmu da aka gaya masa kakansa daga Zamfara ya zo, shi ma yana neman sunan ƙauyen.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a hanya, ya kai mu mu ma, amin.